Shagona ya wata huɗu a rufe: in riƙe jika 35 ko in sauko?

Assalamu alaikum Malam. Maigidana ya rasu ya bar mana gida a Garin Malam, da shago ɗaya a jikinsa, mita 3 a kan 4, a layi na biyu daga kwalta, kuma wutarsa haɗe take da ta cikin gida. Dillali ya ce in sa shi jika 35 a wata, don haka mai sayar da magani na bakin kwalta yake biya. Ƙanena da ke Kano ya ce kada in karɓi komai sai kuɗin shekara dunƙule. Yau wata huɗu shagon yana rufe. Wani tela ya taya jika 25 duk wata, wani mai kayan masarufi kuma ya ce zai ba ni jika 250 a take na shekara guda. Ina bukatar kamar jika 150 in gyara rufin gida da na shagon kafin damina. Wanne zan ɗauka, ko in ƙara jira?

Uwar marayu, Damagaram

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya jiƙan maigida, ya raya abin da ya bari.

Ki daina jira. Jika 35 ba kuɗin shagonki ba ne, kuɗin shagon wani ne, kuma zan nuna miki yadda za ki tabbatar da haka da kanki cikin kwana biyu ko uku, ba sai kin ɗauki maganata ba. Tsakanin mutanen nan biyu kuwa, hankalina ya fi kwanciya da telan, amma da sharuɗɗa.

Mu fara da mai maganin. Duk wanda ya buɗe shago a bakin kwalta, ba ɗaki yake haya ba, ƙafar mutane yake saya: masu wucewa, ƴan kabu-kabu da ke tsayawa, motar da za ta iya fakawa a sauke kaya. Mai magani kuma yana cikin masu iya biyan haya mai tsada, don cinikinsa ba ya yankewa rani da damina. Da zarar an shiga layi na biyu, yawancin waɗannan mutane sun ɓace, sai ƴan unguwa da wanda ya zo takanas. Tazarar ba ta fi taku hamsin ba a ƙafa, amma a kuɗi tana da nisa. Shi dillali ya san wannan sarai. Sai dai ki lura, ba ya asarar ko dala idan shagon ya kwana a rufe. Kuɗi mai tsoka shi ne ke sa mai gida ya saki jiki ya bar masa shagon a hannu, in an dace la'adarsa ta yi kauri, in ba a dace ba ke ce kike ƙirga watanni. Ban ce mugu ne ba, sana'arsa ce haka. Abin da ya kamata ki tambaye shi ba "nawa zan sa?" ba ne. Ki ce masa: a layin nan namu, wane shago ka ba da haya a bana, nawa aka shiga, kuma wata nawa ya yi a rufe kafin a shiga? In ya kawo suna da wuri, kin samu abin kamawa. In ya fara kewaye-kewaye, kin gane inda 35 ɗin ta fito.

Kuɗin hayar unguwa iri biyu ne, akwai wanda masu gida ke faɗa, akwai wanda ƴan haya ke biya. Mai gida yakan ƙara a baki don kada a raina shagonsa, wani ma kuɗin da yake fata yake faɗa miki, ba wanda yake karɓa ba. Saboda haka ƴan haya za a tambaya. Ke ba za ki bi shaguna kina tambaya ba, kowa ya san ki, za a ɓoye miki. Ki tura babban ɗanki ko wani ɗan'uwa da ba a saba gani ba, ya je ya sayi ɗan abu, hira ta yi hira, ya tambaya kamar mai neman wuri. Shaguna biyar ko shida sun isa, amma su zama sa'o'in naki: cikin layi irin naki, girma kusan ɗaya, gini iri ɗaya. Kada a haɗa shagon siminti mai ƙofar ƙarfe da na ƙasa mai ƙofar langa-langa. A kowanne a samo abu huɗu: nawa ake biya, yaushe aka shiga, wa ke biyan wuta, kuma me aka bayar tun farko kafin a karɓi makulli.

Tambayar "yaushe aka shiga" ta fi sauran nauyi, kuma ita mutane suka fi mantawa. Wanda ya shekara biyar a shago yana biyan kuɗin da aka yanka shekara biyar da suka wuce, wataƙila ma da sanayya a ciki. Wanda ya shiga bara ko bana shi ne yake gaya miki kasuwar yau.

A ce yaron ya dawo da wannan: wani mai wanki da guga ya shekara shida yana biyan jika 20, mai cajin waya yana biyan 22, mai aski da mai sayar da hatsi kowanne 25 kuma duk bara suka shiga, sai wani mai shago da ke da kwantar wutarsa ta kansa yana biyan 28. Ki ajiye na 20 gefe, tsohon ciniki ne. Ki ajiye 35 ta mai magani gefe, wata duniyar ce. Abin da ya rage yana yawo tsakanin 22 da 28, kuma sababbin shiga biyu sun tsaya a 25. To daga nan ne za ki dubi naki da idon mai saye. Me yake da shi da ya fi nasu? Ko yana kusa da masallacin da ake cika, ko makaranta, ko yana kan kwana? Akwai rumfa a gaba da mutum zai baza kaya ko ya zauna a inuwa? Me kuma ya rasa? Kin riga kin faɗi biyu da bakinki: wuta a haɗe, rufi yana son gyara. Mai 28 ɗin nan kwantarsa ce ta ba shi jika 3 ɗin da ya ɗara saura. In haka lissafin ya fito, 25 ce kuɗin shagonki a yau, kuma telan bai cuce ki ba.

Akwai ma shaidar da ta riga ta zo hannunki. Wata huɗu ana zuwa ana leƙawa, tayi biyu kawai aka yi, ɗaya 25, ɗaya kuwa in kin raba 250 gida goma sha biyu bai kai 21 ba. Idan kuɗi ya ɗan yi sama kaɗan, masu nema sukan tsaya su yi ciniki, su ce a rage jika 2 ko 3. Idan ya yi sama sosai, sai su ce "to, sai na yi shawara", ba za ki sake ganinsu ba. In kuwa kin sa shi ƙasa da kima, mutum na farko zai ce ya ɗauka ba tare da ya taya ba, washegari wasu biyu su zo suna roƙo. Ki tuna wanne cikin ukun nan kika fi gani a watannin nan.

Wannan hanya ta kwatantawa ba dabarar dillalai ba ce kawai. Nijar tana cikin ƙasashen OHADA, wato ƙungiyar ƙasashen Afirka masu bin dokar kasuwanci ɗaya, kuma dokar kasuwancinsu da aka sabunta a 2010 ita ce ke hukunta hayar shago da wurin sana'a, har da na tela. Sashe na 117 ya ce idan mai gida da ɗan haya suka kasa daidaitawa kan sabon kuɗi, alƙali ne zai yanka, kuma abin da zai duba shi ne inda wurin yake, girmansa, tsufansa, da kuɗin da aka saba biya a maƙwabta na wurare irinsa. Wato ko gaban alƙali aka je, tambayoyin da yaronki zai yi su za a yi.

Yanzu lissafin rufe shago, wanda shi ne zuciyar maganar. Mai gida ba ya cin kuɗin wata, kuɗin shekara yake ci, wato abin da ya shigo hannunsa cikin wata goma sha biyu. In telan ya shiga gobe, shekararki jika 300 ce. Duk lokacin da zuciya ta ce miki "ki ƙara jira, mai 30 yana tafe", ki raba 300 ɗin da wannan kuɗin. 300 a raba da 30 ya ba da 10: wato wata goma na mai 30 daidai yake da wata goma sha biyu na mai 25, don haka jiran da ya wuce wata biyu asara ce a wannan shekarar. In 35 ce, 300 a raba da 35 ya ba da wata takwas da rabi da ɗan ɗoriya, wato kina da sararin jiran wata uku da rabi. Kin riga kin wuce nan. Ko da mai 35 ya bayyana gobe da safe, wata takwas ɗin da suka rage miki a shekarar nan 280 za su ba ki, ƙasa da abin da telan zai ba ki da tun farko shi ya shiga. Ban faɗi haka don ki yi da-na-sani ba. Watanni huɗun sun tafi, kuma kada ki ce sai kin fanshe su a jikin wanda zai shiga, wannan tunanin shi ke sa shago ya shekara a rufe. Daga yau ake lissafi, kuma daga yau kowane wata jika 25 yake ci miki, ban da ƙura da ɓeraye da gara da ke cin wurin da ba a buɗewa.

Amma don adalci, akwai inda jira yake biya, kuma bai kamata in ɓoye miki ba. Ɗan hayar shago ba shekara ɗaya yake yi ba in wurin ya karɓe shi. Mu ɗauki shekara uku. Mai 25 zai ba ki 900. In kika jira wata uku kika samu mai 30 da zai zauna, wata talatin da uku sau 30 ya zama 990. Kin ga jiran ya ci riba. Sharaɗin kawai shi ne 30 ɗin ta zama kuɗin layin da gaske, wato binciken yaronki ya nuna sababbin shiga suna biyanta. In ba haka ba, wanda ya yarda ya shiga a sama da kuɗin unguwa yawanci ɗaya ne cikin biyu: sabon ɗan kasuwa da bai yi lissafi ba, wanda zai karye cikin wata shida ya bar miki bashi, ko wanda dama bai yi niyyar biya ba, shi ya sa bai damu da ciniki ba.

Hanyar da za ki ci moriyar biyun ita ce ki shigar da mutum yanzu a 25, amma a rubuta tun yau cewa daga shekara ta biyu haya za ta koma jika 27 da rabi. Shekara uku a haka: 300, da 330, da 330, jimla 960. Jika 30 kawai ke tsakaninki da wanda ya yi caca da jiran wata uku ya dace, kuma ke ba ki yi cacar ba. Ɗan haya yakan yarda da irin wannan cikin sauƙi, don shekarar farko ita ce mai wuya a gare shi, kafin ya tara abokan ciniki. Rubutawar tana da muhimmanci don wani dalili: sashe na 116 na waccan doka ya bar wa mutane biyun su yanka kuɗi da yadda za a riƙa sake duba shi, amma in ba su faɗi komai ba, sai lokacin sabunta yarjejeniya ake taɓa kuɗin. Ba za ki wayi gari ki aika yaro ya ce "Hajiya ta ce an ƙara" ba.

Sai maganar ƙanenki. Gaskiya ya faɗa game da Kano, can kuɗin shekara ake biya, wani wurin ma har na shekara biyu ga sabon shiga. Amma abin yana da dalilinsa a can. Naira tana iya zubewa tsakanin farkon shekara da ƙarshenta, don haka mai gida yana son ya karɓe kuɗinsa ya juya su tun suna da daraja, ga kuma masu neman shago sun yi yawa, in wannan ya ƙi wani zai biya. Sefa kuwa a ɗaure take da yuro tun 1999, yuro ɗaya a kan kusan sefa 656. Kaya suna tsada a nan ma, ba na musu, amma jika 25 ta watan goma sha biyu ba ta yi nisa da ta watan farko ba. Sannan mutanenmu a wata-wata suka saba: ma'aikaci ƙarshen wata yake jira, mai ƙaramin shago kuwa jarinsa gaba ɗaya wataƙila bai wuce jika 400 ko 500 ba. In kin ce ya ajiye 300 kafin ya karɓi makulli, me zai zuba a kanta? Sharaɗin kuɗin shekara a layi irin naki yana korar yawancin masu nema tun daga bakin ƙofa, kuma ina kyautata zaton ya taimaka wa 35 ɗin wajen rufe miki shago. A cikin Kasuwar Dole, inda ake rububin wuri, mai shago yana iya kafa irin wannan sharaɗi a bi shi. Layi na biyu a Garin Malam ba shi da wannan ƙarfin.

To ga wanda ya kawo kuɗin shekarar da kansa. Jika 250 a dunƙule tana da daɗin gani, musamman ga mai rufi yana jiran ruwan Agusta. Amma ki gane abin da yake yi: rance yake ba ki, ki biya shi da watanni. Jika 25 ta watan farko dama za ki karɓe ta ko daga wa. Abin da ya ba ki kafin lokaci 225 ce, a madadin 275 da za ta shigo miki a hankali cikin wata goma sha ɗaya. Jika 50 ke nan kika bari. Kuma ba shekara guda kika riƙe 225 ɗin ba, don kowane wata ana cinye wani yanki nata, a tsakaice kamar rabinta kika riƙe. In aka auna haka, tsadar kuɗin ta haura kashi 40 cikin 100 a shekara. Ban kira shi kuɗin ruwa ba, ragi ne na ciniki tsakanin masu yarda da juna, amma ragi ne mai tsada, kuma ke 150 kike bukata, ba 250 ba. Ɗarin da ta rage za ta narke a cefane da biki da asibiti, kowa ya san yadda kuɗi a hannu yake, sai ki wayi gari a wata na huɗu ba abin da ke shigowa har wata takwas, mutum yana zaune a shagonki yana ciniki kina kallo. Tun da kuma akwai haƙƙin marayu a gidan, kuɗin da ke shigowa wata-wata ya fi sauƙin rubutawa da bayani ga dangi ranar da aka tambaya.

Akwai wata illar da ba a cika hangowa ba. Kuɗin da aka shiga da shi shi ne yake zama kuɗin shagon a bakin unguwa. Baɗi in kin ce 300, zai ce ai 250 muka yi bara, kuma duk wanda ya zo tambaya 250 zai ji.

Abin da kuɗin dunƙule yake saya miki da gaske shi ne kwanciyar hankali: ba bin bashi, ba "Hajiya a yi haƙuri zuwa jibi". Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga macen da ta fita takaba, wadda ba ta son tsayawa ƙofar shago tana cacar baki da namiji. Kuma jika 50 ɗin daidai take da hayar wata biyu. Saboda haka tambayar ta zama guda ɗaya: kina ganin telan zai cinye miki fiye da wata biyu a shekara ya tafi? In amsar e ce, mai 250 ya fi. Wannan kuwa ana iya bincikawa. A je wurin da ya baro, a tambayi mai shagon dalilin tashinsa da yadda yake biya. A duba kekunansa nawa ne, nasa ne ko na aro, yara nawa ke aiki a ƙarƙashinsa. Tela mai keke uku da injin surfani ba ya guduwa da dare, kayansa sun fi bashin nauyi, kuma abokan cinikinsa wurin suka sani. In za ki ba mai kayan masarufin dama, ki ce masa 275, wato wata ɗaya kyauta. Wannan ragi ne mai ma'ana. In ya tsaya a 250, bincike kuma ya nuna telan mai biya ne, ki sallami mai kayan masarufin da fatan alheri.

Ga yadda zan so ki yi da telan. Ki gaya masa gaskiya cewa rufi za ki gyara, kuma shi ma zai amfana, don ba telan da ke son ruwa ya zubo a kan shaddar mutane. Ki nemi ya biya wata shida gaba a kan 25 ba ragi, 150 ke nan cif, daga wata na bakwai ya koma wata-wata. In ya ce ba shi da ita a dunƙule, ku raba biyu: 75 ranar karɓar makulli, 75 bayan wata guda ko biyu, magini ya fara da rufin shagon. Ki lura da lokacinsa. Tela yana da kuɗi a makonnin da ke gaban ƙaramar salla da babbar salla da lokacin bukukuwa bayan kaka, yana shan wuya a tsakiyar damina. In kin ɗora biyan mai nauyi a kan lokacin da aljihunsa ke cike, ba za ku yi faɗa ba. Gyaran rufin kuwa kada ki yarda a ce shi zai yi a riƙa cirewa a haya, sai in an rubuta adadin kuɗin kafin a fara, don a nan ne jika 60 take zama 110 a baki. Dama a doka, sashe na 106, manyan gyare-gyare irin su rufi da bango a wuyan mai gida suke.

Ban da kuɗin gaba, akwai kuɗin ajiya, na wata ɗaya ko biyu, wanda ake riƙewa saboda ɓarna ko bashi. Kada ki haɗa su a ƙwarya ɗaya. Kuɗin gaba naki ne, haya ce da aka biya da wuri. Kuɗin ajiya nasa ne, amana ce a hannunki har ranar da zai fita. Tun da zai ba da wata shida gaba, ajiyar wata ɗaya ta isa, kada ki shaƙe shi.

Wutar nan kuma a raba ta kafin ya shiga, ba bayan ya shiga ba. Tela yana da dutsen guga, wataƙila da injin surfani da fanka biyu, kuma gab da salla kwana yake yi yana aiki. Takardar NIGELEC ta farko da za ta zo bayan shigarsa ita za ta haɗa ku faɗa in ba a san wa ya sha nawa ba. Mafi sauƙi a sa masa ƙaramar kwanta a kan layin da ya shiga shagon, a riƙa karanta ta ranar ɗaya ga wata a gabansa, ya biya abin da ya sha. Kada ki yarda da "a ƙara jika 3 a haya a madadin wuta", ke za ki kwana a ciki. Ruwa da bayan gida ma a faɗa tun yanzu: zai shigo cikin gida ne shi da yaransa, ko a'a? A garin da in bazara ta yi ake sayen ruwa wurin ƴan garuwa, wannan ba ƙaramar magana ba ce, ballantana gidan da ba namiji babba.

Duk wannan a sa shi a takarda ɗaya, da shaidu biyu, kowa ya riƙe tasa: kuɗin wata, ranar biya, abin da aka bayar gaba da watannin da ya rufe, kuɗin ajiya, ƙarin shekara ta biyu, wuta, irin sana'ar da za a yi, da cewa ba zai ba wani shagon haya ba sai da izininki. A rubuta tsawon yarjejeniyar ma. Hayar baki haya ce a doka, amma ana ɗaukarta a matsayin wadda ba ta da wa'adi, kuma wanda ke son raba irin wannan sai ya ba da sanarwar wata shida. Ki kuma san cewa ɗan hayar da ya yi sana'arsa a wurin shekara biyu yana cika sharuɗɗa ya samu haƙƙin a sabunta masa, in aka sabunta kuwa ba ta gaza shekara uku, kuma in kin ƙi ba tare da dalilin da doka ta yarda da shi ba, yana iya neman diyya. Saboda haka in kina da niyyar ɗanki ya buɗe sana'a a shagon nan gaba, ki yi wannan tunanin yanzu, ki nemi wanda ya san doka ya duba takardar kafin a sa hannu. In kuma ya daina biya, ba a sa kwaɗo a ƙofa ko a fitar da kekunansa waje. Sashe na 133 ya ce a aika masa da takardar gargaɗi, a ba shi wata guda, in bai biya ba sannan a je kotu.

Duk wata ki ba shi rasi, ki ajiye kwafi a littafi ɗaya da ba a rubuta komai a ciki sai hayar shagon. Ƙanenki kuwa ki kira shi kafin a sa hannu, ki karanta masa lissafin 300 da 280 da 250, don kada ya ji daga bakin wasu cewa an ba da shagon ba da saninsa ba.